Yaushe ake tarawa, yaushe ake debewa, a lissafin x da y?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan aji biyu ne a babbar sakandare a Talata Mafara. An ba mu 5x − 2y = 16 da 3x − 4y = 4, aka ce mu yi amfani da eliminashon. Na samu y = −28/26, abokina kuwa ya samu 2. Ina na kuskure? Kuma ta yaya zan gane lokacin da zan tara da lokacin da zan debe?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Abokinka ne ya dace, kuma daga wannan −28/26 ɗin taka ana iya nuna ainihin layin da ƙafarka ta zame. Amma bari mu fara shiga kasuwa tukuna, don abin da ake yi a takarda mai awo yana yin sa da ka kullum.

Mu ɗauka mutum biyu sun tsaya gaban mai awo ɗaya ranar kasuwar Mafara. Na farko ya auni kwano 3 na shinkafa da kwano 2 na gero, ya biya naira 12,200. Na biyu ya auni kwano 3 na shinkafa da kwano 4 na gero, ya biya naira 15,400. Farashin nan na misali ne, kada ka je ka yi ciniki da shi. Ba a faɗa maka kuɗin kwano ba, amma za ka iya gano shi ba tare da ka ɗauki biro ba. Shinkafarsu ɗaya ce, kwano uku-uku, don haka ba ita ta sa kuɗinsu ya bambanta ba. Abin da na biyu ya fi na farko da shi kwano 2 ne na gero, kuɗin da ya fi shi biya kuma naira 3,200. Kwanon gero ya kama 1,600 ke nan. Eliminashon ɗin gaba ɗaya shi ke nan: ka sa abu ɗaya ya zo daidai a wurin mutum biyun, sai ya fita daga maganar, ya bar ka da abu ɗaya tak da ba ka sani ba.

To idan shinkafar ba ta zo daidai ba fa? A ce na biyun kwano 2 na shinkafa ya auna da kwano 5 na gero, ya biya naira 14,000. Mu kira kuɗin kwanon shinkafa x, kuɗin kwanon gero y. Ka lura, x kuɗin kwano ɗaya ne, ba shinkafar kanta ba, kuma yana da kyau ka rubuta haka a saman aikinka.

```
3x + 2y = 12,200   (1)
2x + 5y = 14,000   (2)
```

Idan ka debe a haka, za ka samu x − 3y = −1,800. Magana ce ta gaskiya, sai dai ba ta kai ka ko'ina ba, domin har yanzu haruffa biyu ne a hannunka. Dole a daidaita shinkafar. Wace ƙaramar lamba ce 3 ke shiga cikinta, 2 ma ke shiga? Shida. Sai ka ce: da na farko ya yi irin sayayyarsa sau 2, da ya tafi da kwano 6 na shinkafa da 4 na gero, ya kuma biya ninki biyu. Da na biyu ya yi tasa sau 3, da ya tafi da kwano 6 na shinkafa da 15 na gero, ya biya ninki uku.

```
(1) × 2:   6x +  4y = 24,400   (3)
(2) × 3:   6x + 15y = 42,000   (4)
(4) − (3):      11y = 17,600
                  y = 1,600
```

Ka tsaya kan maganar biyan ninki, domin nan ne wuri na farko da ɗalibai ke faɗuwa. Yaro zai ninka 3x ya samu 6x, ya ninka 2y ya samu 4y, sannan ya bar 12,200 yadda take. Wannan daidai yake da mutumin da ya ɗebi kaya ninki biyu ya miƙa kuɗin ɗaya, kuma babu mai awon da zai bar shi ya tafi. A takarda abin da zai fito shi ne 11y = 29,800, watau y ta zama 2,709 da 'yan kai. Ninkin da ka yi sai ya taɓa kowane abu a layin, har da lambar da ke bayan alamar =, in ba haka ba layin da ka rubuta ya zama ƙarya, duk abin da ka gina a kansa kuma ƙarya ne.

Na debe (3) daga (4) ne, ba (4) daga (3) ba, kawai don 15 ta fi 4, kada lamba mai mainos ta fito babu dalili. Da an juya, −11y = −17,600 za a samu, amsar dai ita ce 1,600. Da ka samu y sai ka mayar da ita cikin ɗaya daga layukan asali: 3x + 2(1,600) = 12,200, watau 3x = 12,200 − 3,200 = 9,000, x ta zama 3,000. Shinkafa 3,000, gero 1,600.

Yanzu mu koma kan naka.

```
5x − 2y = 16   (1)
3x − 4y = 4    (2)
```

Amsarka ta nuna x ka zaɓi ka kawar, ka ninka (1) sau 3, ka ninka (2) sau 5. Har nan babu laifi ko kaɗan:

```
15x −  6y = 48   (3)
15x − 20y = 20   (4)
```

Ka debe 15x daga 15x, ta tafi. Ka debe 20 daga 48, ka samu 28, daidai. A tsakiya ne ka ga −6y a sama da −20y a ƙasa, idonka ya haɗa su ya ba ka −26y. Abin da ka yi ke nan: hagu ka debe, dama ka debe, tsakiya kuwa ka tara. Aiki biyu daban a layi guda. Abin da ya kamata a rubuta shi ne −6y − (−20y), mainos biyu a jere, ɗaya na debewar da kake yi, ɗaya kuma na 20y ne da ta zo da shi tun asali. Kai ka bar mainos guda ya yi aikin biyu.

An gaya muku a aji cewa mainos da mainos suna zama fulos, wataƙila ba a gaya muku dalili ba. Debewa tambaya ce: da nawa na sama ya fi na ƙasa? Ka ɗauki lamba mai mainos a matsayin bashi. Ana bin wani naira 6, ana bin wani naira 20. Wa ya fi wani sauƙi, kuma da nawa? Mai bashin 6 ya fi mai bashin 20 da naira 14. Babu ta yadda tazarar da ke tsakaninsu za ta kai 26, sai in ɗaya bashin 6 ake bin sa, ɗayan kuma yana da 20 a aljihu. Saboda haka:

```
(3) − (4):  −6y − (−20y) = 48 − 20
            −6y + 20y    = 28
                     14y = 28
                       y = 2
```

Ka mayar da 2 cikin (1): 5x − 2(2) = 16, watau 5x − 4 = 16, 5x = 20, x = 4. Shawarata, duk lokacin da layin ƙasa yake da mainos kuma debewa kake yi, ka rubuta wannan layin mai baka, −6y − (−20y), a fili. Kada ka yi shi da ka. Daƙiƙa biyar yake ci, kuma mafi yawan makin da ake asara a wannan darasi a wannan layin da ba a rubuta ba ake asarar sa.

Ga kuma abin da zai rage maka wahala tun daga farko: ba dole ba ne x za a kawar. Yawancin ɗalibai x suke nufa saboda ita ce a gaba. Ka duba lambobin da ke gaban y a tambayarka, 2 da 4. Biyu tana shiga cikin huɗu, don haka layi ɗaya kawai ke bukatar ninki, ɗayan a bar shi yadda yake.

```
(1) × 2:    10x − 4y = 32   (3)
             3x − 4y = 4    (2)
(3) − (2):   7x      = 28
                   x = 4
```

Ninki ɗaya maimakon biyu, lambobi ƙanana, kuma −4y da −4y abu ɗaya ne, idan ka debe abu daga kansa babu abin da zai saura. Kafin ka sa biro, ka kalli lambobi huɗun nan da ke gaban haruffa, ka tambayi kanka wace biyun ce ta fi saurin haɗuwa. Idan akwai harafin da ke tsaye shi kaɗai, kamar y ko −y, lambar gabansa 1 ce ko −1, kuma kusan kullum shi ne mafi arha.

Sai tambayarka ta biyu. Bayan ka daidaita lambobin gaban harafin da kake son kawarwa, ka dubi alamominsu, su biyun nan kaɗai. Idan alamar iri ɗaya ce, fulos da fulos ko mainos da mainos, debewa za ka yi. Idan sun saɓa, ɗaya fulos ɗaya mainos, tarawa za ka yi. Ba sai ka haddace ba. Abin da kake nema sifiri ne, sai ka tambayi kanka wane aiki ne zai ba ka sifiri. Kana da 6y da −6y: tara su, sifiri. Kana da −4y da −4y: tara su, −8y, ba ta tafi ba, debe su, sifiri. Alamomin ɗayan harafin ba su da ta cewa a wannan hukunci, su dai bi suke yi. Ga wanda ake tarawa:

```
4x + 3y = 18   (1)
5x − 2y = 11   (2)
(1) × 2:    8x + 6y = 36
(2) × 3:   15x − 6y = 33
tarawa:    23x      = 69
                  x = 3
```

Daga nan 4(3) + 3y = 18, 3y = 6, y = 2. Da x aka nufa, sai an kai 20x sannan a debe, a sake cin karo da mainos biyu a jere. Shi ya sa idan na ga alamomi sun saɓa a kan harafi ɗaya, shi nake cewa a kawar, ko da ninkinsa ya ɗan fi yawa, domin tarawa ba ta juya alamar kowa.

Wannan ma ya buɗe wata dabara ga wanda debewa ke yawan kayar da shi: ya daina debewa kwata-kwata. Ya ninka layi ɗaya da lamba mai mainos, sannan ya tara. A tambayarka, maimakon (2) × 5 sai a yi (2) × (−5). Kowace alama a layin za ta juya: 3x ta zama −15x, −4y ta zama +20y, 4 ta zama −20.

```
(1) × 3:       15x −  6y =  48
(2) × (−5):   −15x + 20y = −20
tarawa:              14y =  28
```

Lissafin ɗaya ne da na ɗazu, sai dai juyin alamar yanzu a rubuce yake inda idonka zai gan shi. Hanya ce karɓaɓɓiya, mai duba takarda ba zai rage maka komai a kanta ba. Haɗarinta ɗaya: ka juya alamar farko ka manta sauran, musamman ta bayan =.

Yanzu ga abin da na fi so ka tafi da shi, yadda za ka kama kanka tun kafin malami ya kama ka. Amsa irin −28/26 kanta alama ce. Ba wai ba a samun amsa mai firakshon ba, ana samu, har a jarrabawar Wayek da Neko. Amma idan lambobin tambaya ƙanana ne masu tsabta, amsa kuma ta fito a karkace haka, to ka yi zargi. A tambayar kasuwa abin ya fi fitowa fili: kuɗin kwano ba ya zama mainos, yawan awaki ba ya zama uku da rabi. Zargi dai ba hujja ba ne, hujjar ita ce gwaji, gwajin kuma yana da tarko.

Bari mu bi amsarka marar kyau har ƙarshe ka gani. −28/26 ita ce −14/13. Ka sa ta cikin (1): 5x + 28/13 = 16, watau 5x = 180/13, x = 36/13. Yanzu a ce ka ce bari in gwada, ka mayar da su biyun cikin (1). 180/13 da 28/13 sun ba da 208/13, wato 16 cif. Ka ga ta hau! Sai ka ja layi biyu ƙarƙashin amsa ka rufe littafi da murna. Ai dole ta hau, tunda daga cikin (1) ɗin ka ciro x. Ko wace lamba ka ba y, ko 100 ce, idan ka nemi x daga (1) sannan ka gwada a (1), za ta hau. Ka tambayi mutum, sannan ka kira shi ya zama shaidar kansa. Gwajin gaskiya a ɗayan layin yake, wanda ba ka yi amfani da shi wajen neman harafi na biyu ba. A (2): 3(36/13) − 4(−14/13) = 108/13 + 56/13 = 164/13, kusan 12.6, alhali 4 ake nema. Nan take asiri ya tonu. Amsar kirki kuwa: 3(4) − 4(2) = 12 − 8 = 4.

Kuma ka gwada a layin asali kamar yadda aka buga shi a takardar tambaya, ba a (3) ko (4) da ka ninka da hannunka ba. Idan a wurin ninkin ka yi kuskure, layin da ka ninka zai goyi bayan kuskurenka. Idan gwaji ya ƙi hawa, kada ka soke aikin duka ka faro daga farko, domin hannun da ya yi kuskure yakan maimaita shi. Ka duba wurare uku a jere: lambar bayan = a kowane layin da ka ninka, sannan alamomi a layin debewa, sannan ko ka kwafi tambayar daidai. Da wuya ka wuce na biyu ba ka gan shi ba.

Wani lokaci masu tambaya kan hargitsa jerin da gangan. Za ka ga 3y + 2x = 12 a sama, 4x = y + 10 a ƙasa. Mai gaggawa zai ɗora 3y a kan 4x ya fara ninki. Kafin komai ka jera su, x ƙarƙashin x, y ƙarƙashin y, lamba zalla a dama: 2x + 3y = 12 da 4x − y = 10. Ka lura y ta zama −y da ta tsallaka, domin debe ta aka yi daga ɓangarorin biyu. Ninka na farko sau 2, ka samu 4x + 6y = 24, ka debe: 6y − (−y) = 7y, 24 − 10 = 14, y = 2, x = 3. Ga mainos biyun nan sun sake dawowa. Idan kuma firakshon ne a ciki, kamar x/2 + y/3 = 4, ka share shi tukuna: ninka layin duka sau 6, ya zama 3x + 2y = 24, har da 4 ɗin da ta koma 24.

Akwai ranar da za ka debe sai haruffan biyu su ɓace tare, ka zaci ka ɓata. Ba lallai ba ne. Ɗauki 2x + 3y = 12 da 4x + 6y = 24. Ka ninka na farko sau 2, ka debe, ka samu 0 = 0. Koma kasuwa: mutum na biyu ya sayi ninkin kayan na farko daidai, ya biya ninkin kuɗinsa daidai, bai gaya maka wani sabon abu ba. Layi ɗaya ne aka rubuta sau biyu, kuma amsoshinsa ba su da iyaka: x = 3 da y = 2 ta hau, x = 6 da y = 0 ta hau, x = 0 da y = 4 ta hau. Idan kuwa na biyun 4x + 6y = 30 ne, za ka ƙare da 0 = 6, abin da ba ya yiwuwa. Ninkin kaya ya saya amma ya biya fiye da ninki, to ba farashi ɗaya aka sayar musu ba, babu wata x da y da za su gamsar da layukan biyu. A kan giraf, na farkon layi ne kwance a kan ɗan'uwansa, na biyun layuka biyu ne masu tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa. Naka kuwa layuka biyu ne da suka gitta juna a wuri ɗaya, (4, 2).

Game da rubutu a jarrabawa: a ɓangaren da ake nuna aiki, ana ba da maki a kan hanya, ba a kan amsa kaɗai ba. Don haka ka sa wa kowane layi lamba, ka rubuta abin da ka yi a gefe, kamar (1) × 3 ko (3) − (4), yadda na yi a sama. Da ka rubuta haka a wannan aikin naka, ninkin da ka yi daidai zai iya samo maka wani abu duk da amsar ta kauce. Idan an ce a yi da eliminashon, kada ka yi da sabstitushon ko da ta fi maka sauƙi. Kuma ka kawo haruffan biyu a ƙarshe, x = 4, y = 2; da yawa sukan samu na farko su manta akwai na biyu. In tambayar labari ce, ka mayar da amsar cikin labarin: kwanon shinkafa naira 3,000, kwanon gero naira 1,600.

Ga guda biyu ka gwada hannunka yau da dare. Na farko, 7x − 3y = 15 da 2x − 5y = −4. Yi shi sau biyu, ka kawar da x a karo na farko, y a karo na biyu, kuma ka kula da −4 ɗin nan, domin wannan karon mainos biyu a jere za su zo maka har a bayan =. Na biyu, 3x + 4y = 10 da 5x − 6y = 4. Idan za ka kawar da y, 12 ce ƙaramar lambar da 4 da 6 ke shiga, ba 24 ba. Amsar na farko x = 3, y = 2, ta na biyu x = 2, y = 1, amma kada ka duba su sai ka gwada naka a layin da ba ka ciro harafi na biyu daga cikinsa ba.